Amsoshin Tambayoyinku: Me zan rubuta a jikin imel ɗin neman aiki?

Tambaya: Wani kamfanin rarraba magunguna yana neman mai kula da sito, an ce a tura takardar tarihin karatu da aiki ta imel. To ni duk bayanina yana cikin takardar. In bar jikin imel ɗin babu komai, ko in kwafo abin da ke cikinta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Duka biyun kada ki yi. Wanda zai buɗe saƙonki yana da wasu jibge a gabansa, galibi ma a waya yake dubawa. In ya tarar da fili fetal, ba ki ba shi dalilin buɗe takardar ba. In kuma ya tarar da jerin makarantu tun daga firamare, kin sa shi karatu biyu.

Koma kan tallan aikin, ki ja layi ƙarƙashin abu biyu da suka fi nanatawa. A ce sun nemi wanda ya iya lissafin kaya da Excel, kuma yake lura da ranar ƙarewar wa'adin magani. Kowanne ki kawo masa shaida guda daga aikin da kika taɓa yi, da adadi in akwai. Ko da Turanci za ki rubuta, ma'anar kada ta wuce haka:

"Ina neman aikin mai kula da sito da kuka tallata. Na yi shekara 3 ina riƙe da siton wani kantin magani mai kaya kala 400, ina ƙirga su duk ƙarshen wata da Excel. Ni na tsara a riƙa fitar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa kafin sabo, asarar da muke yi ta ragu. Takardata tana haɗe. Na gode."

Sai cikakken sunanki da lambar waya a ƙasa. Kin ga ba a ambaci difiloma ba, domin tana cikin takardar. Abin da takardar ba ta yi ba shi ne haɗa aikinki na baya da buƙatarsu, kuma aikin imel ɗin ke nan. Ina roƙonki ki bar kalmomi irin "ni mai ƙwazo ce da riƙon amana". Kowa haka yake cewa, ƙirgar ƙarshen watan nan ta fi su shaida. In sun nemi shekara 5 ke kuwa 3 gare ki, rubuta ukun, kada ki ƙara.

A layin take, sa sunan aikin da lambar tallan yadda suka rubuta su. Takardar ta zama PDF mai ɗauke da sunanki.

Kafin ki tura, canza sunan aikin a ranki zuwa akawu ko sakatariya, ki sake karantawa. In saƙon bai yi tuntuɓe ba, to bai taɓo wannan aikin ba tukuna, sai ki koma kan layukan nan biyu da kika ja.