Yadda Za A Ƙara Girman Rubutu Da Kibiyar Kwamfuta Domin Dattijo

Gabatarwa

Daga wajen shekara 40, ƙwayar idon mutum takan fara taurarewa, har ta kasa fayyace ƙananan abubuwan da ke kusa. Abin da ya sami kawuna ke nan, wani tsohon malamin makaranta da ke zaune a Minanata cikin birnin Sakkwato. 'Ya'yansa sun saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, amma bayan mako biyu sai ya ajiye ta. Ya ce da ni: "Ɗana, rubutun nan kamar tururuwa yake, kibiyar kuwa kullum ɓace mini take yi." Wannan darasi zai bi matakai uku da muka bi a Windows 11 har ya koma ga karatunsa.

Me ya sa rubutun ya ƙanƙance?

Fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ce masu haske. Ta Kawu tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, cikin allo mai inci 15.6, watau kimanin ɗigo 141 a kowane inci. Idan ma'aunin girma yana kan 100%, kamar yadda muka tarar da nasa, ɗigo 12 kawai ake ware wa tsawon harafin Windows na yau da kullum. Wannan bai wuce milimita biyu da 'yan kai ba.

Mataki na farko: girman komai

A buɗe Settings, a shiga System, sannan Display, a nemi Scale. Wannan ma'auni yana ƙara girman komai a lokaci ɗaya: rubutu da hotuna da maɓallai. Muka zaɓi 150%, sai harafin ya tashi daga ɗigo 12 zuwa 18, fiye da milimita uku ke nan.

To amma fa allon bai ƙaru ba. Idan aka raba 1920 da 1080 da 1.5, za a ga filin aiki ya koma tamkar 1280 da 720. Shi ya sa ba a cika hannu. Alamar an wuce gona da iri ita ce maɓallin OK ko Cancel ya faɗa ƙasan allo, a kasa kai masa. Tsofaffin kwamfutoci masu ɗigo 1366 da 768, waɗanda suka yi yawa a hannun jama'a, kada a wuce da su 125%.

A ƙarƙashin Scale akwai Display resolution. Mutane da yawa sukan rage shi domin rubutu ya yi girma. Lalle yakan yi girma, amma sai gefen haruffa ya yi dishi-dishi, ido ya ƙara wahala. A bar shi a kan lambar da aka rubuta wa Recommended.

Mataki na biyu: girman rubutu kaɗai

Maɓallai sun yi wa Kawu daidai, amma har yanzu yana ɗan sunkuyawa. Sai muka danna maɓallin Windows tare da U, shafin Accessibility ya buɗe, muka shiga Text size. Nan akwai maja da ke tafiya daga 100% zuwa 225%, da samfurin rubutu a samansa. Muka tsaya a 130%, muka danna Apply. Wannan ƙari yana hawa ne a kan na farko, don haka harafin ya kai kimanin ɗigo 23, sama da milimita huɗu. Dalilin da ya sa ake fara gyara Scale ke nan. A lura, wasu tsofaffin manhajoji ba sa bin wannan ma'auni na biyu.

Mataki na uku: kibiya

Har wa yau a Accessibility, a shiga Mouse pointer and touch. Girman kibiya yana farawa daga 1 ya ƙare a 15. Muka sa ta a 4, domin kibiya ƙatuwa takan rufe kalmar da ake son dannawa. Muka kuma sauya launinta zuwa baƙi, tunda farar kibiya ce ke ɓacewa a kan farin shafi.

Kammalawa

Idon dattijon shi ne alƙali, ba na mai gyaran ba. A zaunar da shi inda ya saba zama, da tabaransa, ya karanta layi uku da ƙarfi bayan kowane mataki. Idan ya karanta ba tare da miƙo wuya ba, a tsaya nan. Idan kuwa an ƙara girman amma har yanzu yana ganin hazo, wataƙila yanar ido ce ko illar ciwon sukari. Sai a kai shi ga likitan ido.

Aikin ɗalibai: allo mai ɗigo 1366 da 768 aka sa wa 125%. Nawa filin aikinsa zai koma?