Idan Mai Cin Amanar Abokinka Ne

Aikina binciken kuɗi ne, kuma cutar da na fi cin karo da ita a takardar albashi ita ce mamacin da ke karɓar albashi. Ma'aikaci ya rasu, an kai shi makwancinsa, amma sunansa na nan, sai lambar asusun banki da ta canza bayan rasuwar. Gano wannan ba shi da wuya. Ka gwada takardar albashi da rajistar sa hannun zuwa aiki, sannan ka duba wanda ya amince da canjin asusun. Wuyar tana wajen faɗa, domin mai fara gani kusan kullum na cikin ofis ne, kuma ya san mai laifin har gida.

A wata ma'aikata da na bincika, wani ƙaramin akawu ne ya gano, wanda ya canza asusun kuwa shi ne ya yi masa abokin ango. Ya same shi a keɓe ya yi masa nasiha, shi kuma ya rantse ya daina. Wata ya ƙare, kuɗin suka sake fita. Sai ya rubuta rahoto. Daga ranar ya zama munafuki a bakin abokan aiki. Aka daina kiransa ciyayya, dattawa suka yi masa takakkiya suna cewa rufin asiri ya fi, bai kamata ya raba mutum da abincinsa ba. Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauye.

Ba wanda ya tuna da matar mamacin da marayunsa. Haƙƙoƙinsu sun maƙale, domin a takarda mahaifinsu yana raye. Shirun da ake kira rufin asiri, su ne suke biyan kuɗinsa.

Ɗan'uwa, idan ka tsinci kanka a wannan hali, ka kai rahoto a rubuce da kwanan wata, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, ban da zato, kuma kada ka fita da ainihin fayil daga ofis. Idan shugaban ma na ciki, akwai ICPC da EFCC. A Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin fallasa, mai tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Amma tsari ne na gwamnati, ba dokar da majalisa ta zartar ba, don haka kada ka ɗauka zai tsare maka kujerarka. Ka shirya wa tsangwama, ka sanar da iyalinka tun da wuri.

Ku kuma abokan aiki, idan ba za ku iya faɗa ba, don Allah kada ku juya wa wanda ya faɗa baya.