Mugun tunanin da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba

Wannan darasi domin ke ne, mai jego, amma maigida ma ya saurara, gama abin yana samun maza.

A ce kin je rijiya da jariri goye a bayanki. Kin sunkuya za ki ja guga, sai wani tunani ya gilma miki kamar walƙiya: ga yaron ya faɗa ciki, ko ma ke ce kika sake shi. Gabanki ya faɗi. Kin koma gida jiki na rawa, ba ki gaya wa kowa ba. Wa za ki gaya wa? Kina tsoron a ce kin taɓu, ko an yi miki sammu.

Irin wannan tunani yana zuwa wa masu lafiya. A 2014 masu bincike sun tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, kusan 94 cikin ɗari suka ce wani tunanin da ba su so ya faɗo musu cikin watanni uku da suka wuce. Wani a bakin hanya yake ganin kamar zai faɗa gaban mota. Wani yana tsakiyar addu'a mummunar kalma ta zo masa. Yawancinsu sukan ce "wane irin shirme ne wannan", su ci gaba da aikinsu.

Dalilinsa shi ne, ƙwaƙwalwa kullum tana hango haɗari kafin ya zo. Da kika haihu, wannan tsaro ya ƙaru, ga kuma rashin barci da gajiya. Shi ya sa take nuna miki rijiya, wuƙa da tukunyar ruwan zafi. Tunanin yakan taɓa abin da mutum ya fi ƙauna. Firgitar da kika yi kuwa shaida ce cewa ba nufinki ba ne.

Wahalar tana farawa ne lokacin da kika ce, "Ba zan ƙara tuna wannan ba." Gwada yanzu: ki yi minti ɗaya ba ki tuna farin raƙumi ba. Ya zo, ko? Wani masani, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji a 1987. Ya hana mutane tunanin wata farar dabba har minti biyar, ya ce su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta zo musu. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake musu, sun fi waɗanda ba a hana ba tunaninta. Domin ki tabbata tunanin bai dawo ba, dole ki riƙa leƙawa ko yana nan, leƙen nan kuwa shi ne tunawar.

Gudu ma haka yake. Kin daina zuwa rijiya, kin ɓoye wuƙa, kin bar wa kakarsa yi masa wanka. Hankalinki ya kwanta na ɗan lokaci. Amma zuciya ta koyi cewa gudun ne ya ceci yaron, gobe tsoron ya fi na yau.

To, idan ya zo, ki kira shi da sunansa: "Ga tunanin nan kuma." Kada ki yi gardama da shi, kada ki tsaya binciken ko ke muguwa ce. Ki ci gaba da abin da hannunki yake yi. Gabanki zai faɗi, amma faɗuwar gaba takan sauka da kanta in ba a gudu ba. Ki koma ga abin da kika bari sannu sannu: yau ki yanka albasa yaron yana kwance a tabarma, jibi ki yi masa wanka da kanki. Addu'a tana da kyau, sai dai in kin ga kina maimaita ta sau goma don ki goge tunanin, ta zama wani gudun. Ki nemi a karɓar miki yaron ki samu barci.

Ki zo asibiti idan abin yana cin fiye da awa ɗaya a yini, ko ya hana ki kula da yaron, ko baƙin ciki ya kai mako biyu. Akwai magani, amma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada ki bari da wuri. Ki faɗa wa likita kina shayarwa.

Akwai wani hali dabam da ba ya jira. Idan mai jego tana jin muryoyi suna ba ta umarni, ko ta gaskata yaron ba mutum ba ne, ko ta rikice ta kwana biyu ba barci, ko tana son ta kashe kanta ko ta cuci yaron, kada a bar ta ita kaɗai da shi. A kawo ta asibiti a ranar.