Godiya a cikin gurup: kowa a ba shi tasa

Ƴan uwa, yau darasinmu a kan godiya ne. Kusan kowane gari yanzu yana da gurup na WhatsApp. Ƴan gida suna ciki, ƴan ci-rani suna ciki, waɗanda ke Yamai ko Agadas ko Kano ko Abijan duk suna ciki. In abu ya samu mutum, a nan ake sanarwa, a nan kuma ake tara gudummawa. Amma in an gama taimako, godiya takan zo da rikici, domin hannuwa ba daidai suke ba. Wani ya ba da yawa, wani kaɗan, wani kuma bai ba da kuɗi ba sam, ƙarfinsa ya bayar. To, yaya za a yi godiya ba tare da ran kowa ya ɓaci ba?

Abin da ya faru

Akwai wani manomi a ajinmu. Bara, bayan girbi, ɗansa ya faɗi da babur, ƙafarsa ta karye, ya zubar da jini da yawa. Cikin dare aka sanar a gurup ɗin garinsu, mai mutum 60. Ga yadda taimako ya zo.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko da jikka 100. Samari uku ƴan ci-rani kowa ya aiko da jikka 10, ya zama jikka 30. Matan asusu suka ba da jikka 15. Mutum ashirin suka haɗa jikka 24. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ba da jikka guda. Duka ya kama jikka 170.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Wani mai a-daidaita ya kai yaron asibiti cikin dare, bai karɓi ko dala ba. Wani saurayi ya ba da jininsa. Gwaggon yaron ta yi jinya kwana shida, tana kwana bisa tabarma. Maƙwabciya ta riƙe ƙananan yaran gidan, tana ba su tuwo. Wani aboki kuma ya ranta masa jikka 30 a daren farko, aka fara sayen magani kafin gudummawa ta iso.

Da aka sallamo yaron, uban ya ɗauki salula cikin murna, ya yi saƙon murya. Ya ce: "Jama'a, na gode ma Alhaji da ya aiko da jikka ɗari. Walle ba don shi ba, da yaron ga ya rasa ƙafa. Allah shi saka mai. Sauran da sunka taimaka ma, an gode."

Ba ƙarya ya yi ba. Alhaji ya yi ƙoƙari, ya cancanci godiya. Amma saƙon nan ya yi ɓarna.

Ina kuskuren yake?

Kuskure na farko, ya faɗi yawan kuɗin mutum ɗaya a bainar jama'a. Da zarar an ce jikka ɗari, kowa sai ya auna nasa da ita. Mai jikka goma ya ga nasa ya ƙanƙance. Tsohuwar nan kuwa, jikka gudan da ta bayar ribarta ce ta yini. Alhaji bai rasa abincin dare ba don ya ba da ɗari, ita kuwa ta ji a jikinta.

Kuskure na biyu, ya ce "ba don shi ba". Wannan magana ta share aikin kowa. Da mai a-daidaita bai tashi cikin dare ba, da saurayin bai ba da jini ba, kuɗin Alhaji da safe za su iso, wataƙila a makare.

Kuskure na uku shi ne kalmar nan "sauran". Mutum ya kwana shida bisa tabarma, sai a kira shi "sauran". Wannan kalma tana da zafi ƙwarai.

Yadda za ka gane ran mutane ya ɓaci

A gurup ba ka ganin fuskar kowa, saboda haka sai ka lura da alamu. Da can in manomin ya yi magana, mutum goma sha biyar ko ashirin ke amsawa. Ran nan mutum huɗu kawai suka ce amin. Gwaggo, wadda kullum take fara gaisuwar safe, ta yi shiru kwana uku. Ɗaya daga cikin samarin ya rubuta: "Allah ya ba mu abin da za mu bayar a san da mu." Wannan habaici ne, ba addu'a ba. Shi kansa Alhaji ya kira shi ya ce: "Haba ƙanena, ka tona mini asiri. Tun jiya mutum biyar sun kira ni suna neman rance."

Manomin ya so ya goge saƙon. WhatsApp tana barin mutum ya goge saƙonsa ga kowa cikin kamar kwana biyu. Amma wanda ya ji ya riga ya ji, wani ma ya tura shi wani gurup. Magana zarar bunu ce. Sai ya zo aji ya faɗa mana, muka zauna tare muka gyara.

Mataki na farko: rubuta kafin ka yi magana

Muka ce ya ɗauki kaye, ya ja layi ya raba shafi gida uku: suna, irin taimako, da kyauta ce ko rance. Ya bi saƙonnin gurup tun daga daren farko. Ya tambayi matarsa, domin ita ta san wanda ya kawo fura da wanda ya ɗebo ruwa. Nan aka gano mutum biyu da ya manta da su ɗungurungum. Kun ga amfanin karatu da rubutu ke nan. Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Rance kuwa, aka ware shi gefe guda. Rance ba kyauta ba ne. In ka yi godiyarsa a gurup tare da kyauta, mai shi zai ji kunyar tambayar kuɗinsa, ya yi ta cizon yatsa. Aka fara biyan abokin jikka 30 ɗinsa, sannan aka gode masa shi kaɗai.

Mataki na biyu: godiyar gurup, a ambaci aiki, a bar lissafin kowa

A gurup, a faɗi irin taimakon da aka yi, kuma a bi shi yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe. In aka bi tsarin lokaci, ba wanda zai ce an sa mai kuɗi a gaba. Ga saƙon da muka shirya, ya karanta shi da murya don waɗanda ba su iya karatu ba tukuna:

"Salamu alaikum iyayena da ƴan uwana. Yaro ya dawo gida, yana samun sauƙi. Maganata ta ran nan ban cika ta ba, murna ce ta ɗebe ni, ku yi mini gafara. Na gode ma wanda ya kai shi asibiti cikin dare, da wanda ya ba da jininsa, da wadda ta yi jinya, da wadda ta riƙe mini yara. Na gode ma duk waɗanda sunka aiko da kuɗi, na gida da na nesa, da iyayenmu mata na asusu, da masu addu'a. Abin da anka tara jikka 170 ne. Magani da aikin ƙafa sun ci 135, mota da abinci 25, saura 10 na ajiye don komawa ganin likita. Takardun suna wurina, mai son gani ya zo. Allah shi bar zumunci."

Ku lura da abu biyu. Ya faɗi jimillar kuɗi da yadda aka kashe su, domin mutane suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu suka shiga. Amma bai ce wane ya ba da kaza ba. Kuma bai kira sunan kowa ba. Ƙa'idar ita ce: ko dai ka kira sunan kowa da kowa, ko kada ka kira ko ɗaya. In masu taimako biyar ne ko shida, kira su duka, ka fara da manya a shekaru. In sun kai talatin, bar sunaye, domin wanda ka manta shi ne zai riƙe ka a zuci.

Mataki na uku: godiyar kowa shi kaɗai

Wani zai ce: to, ba a zalunci Alhaji ba? Ya ba da fiye da rabin kuɗin, an haɗa shi da mai jikka guda. Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, babbar godiya ba a gurup ake yin ta ba. A nan ne ake bambanta mutane, inda ba mai kallo.

Manomin ya kira Alhaji, ya faɗa masa dalla-dalla abin da kuɗinsa suka yi, ya sa yaron ma ya gaishe shi. Samarin ci-rani, kowa ya samu nasa saƙon murya da sunansa a ciki, ba saƙo ɗaya da aka tura ma kowa ba. Gwaggo kuwa, ba a gode mata ta salula. Ya taka har gidanta da goro da tiya biyu ta wake, ya durƙusa ya ce: "Gwaggo, na yi kuskure." Ta ce: "Tashi, ɗan nan. Ni ba don a faɗa na yi ba, amma da ciwo a ce mini sauran." Saurayin da ya ba da jini, aka aika masa da kaza. Tsohuwa mai ƙosai ma ya je ya gaishe ta a bakin kaskonta. Yaba kyauta tukuici.

Inda wannan ƙa'ida ba ta aiki

Akwai lokacin da ya kamata a rubuta suna da kuɗi a fili. In gurup ya yanke cewa kowa zai ba da jikka biyu don gyaran famfo ko rufin aji, wannan karo-karo ne, ba kyauta ba. Ma'aji sai ya fito da sunayen waɗanda suka biya, don kada a zarge shi. Amma taimakon rashin lafiya, ko gobara, ko rasuwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa yake yi. A nan ma'aji ya riƙe lissafin a kayensa. Duk wanda ya aiko, a shaida masa shi kaɗai cewa saƙonsa ya iso, kuma nawa ne ya iso.

Bayan saƙo na biyu, mutum fiye da talatin suka amsa. Kashegari gwaggo ta koma gaisuwarta ta safe. Da damina ɗakin mai a-daidaita ya rushe, aka sanar a gurup, manomin ne ya fara zuwa da kwandon ɗibar ƙasa.

Tambayoyi

1. Kurakurai nawa ne a saƙon farko? Ku faɗe su.
2. Don me aka ware rance daga kyauta?
3. An tara jikka 170, an kashe 135 da 25. Nawa ya rage? Dala nawa ke nan?
4. Yaushe ya dace a rubuta suna da yawan kuɗi a gurup?

Aiki

Ku tuna wani taimako da aka taɓa yi muku. Ku raba shafi gida uku, ku rubuta waɗanda suka taimaka. Sannan ku rubuta godiya ta layi biyar wadda ba ta faɗi kuɗin kowa ba, ku kawo ta aji mu karanta tare.