Jiƙa Ganyen Magani a Mai da Haɗarin Ɗanyar Tafarnuwa

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, inda man gyaɗa da man riɗi ba sa wahalar samu, mutane da yawa kan jiƙa ganye ko saiwa a cikin mai domin shafawa ko ci, kuma ingancin abin da za a samu ya rataya ne ga bushewar kayan, domin damshi shi ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Jiƙon sanyi shi ne wanda ba a ɗora shi a wuta. Ana zuba giram 100 na busasshen ganye, kamar na'ana'a ko zogalen da aka shanya a inuwa har yana karyewa a hannu, cikin busasshiyar kwalba, a tsiyaya rabin litar mai har ya rufe ganyen, a rufe, a ajiye nesa da rana mako huɗu zuwa shida ana girgizawa, sannan a tace da farin ƙyalle. Lokacin hunturu ya fi dacewa da shanya. Jiƙon ɗumi kuwa ya fi kyau ga busasshiyar citta da kanumfari: a sa kwanon man cikin tukunyar ruwan zafi, a riƙe shi tsakanin digiri 40 da 60 na awa biyu zuwa huɗu, kada ya kai ga soyuwa.

Ɗanyar tafarnuwa ce babbar matsala. Tana fitowa daga ƙasa ɗauke da irin ƙwayar da ke haddasa botulizim, wato gubar da ke shanye jijiyoyi, kuma ƙwayar ba ta tsira sai inda babu iska, babu tsami, amma akwai damshi da ɗumi, wanda shi ne halin da tafarnuwa ke shiga idan mai ya rufe ta a zafin bazara. Jiƙon ɗumi ba ya kashe irin, tafasa ma ba ta kashe shi, sai zafin digiri 121 na tukunyar matsi. A 1985 mutum 36 sun kamu a birnin Vancouver na Kanada saboda yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai ba a firji ba, kuma abin tsoron shi ne irin wannan mai ba lalle ne ya canja wari ko launi ba.

Saboda haka a yi man ɗanyar tafarnuwa kaɗan, a cinye a ranar. Firji yana ba da kwana huɗu, amma firjin da wutarsa ke zuwa tana ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Mai son ajiya ya yi amfani da busasshiyar tafarnuwa.

Alamomin botulizim sukan bayyana bayan awa 12 zuwa 36: ganin abu biyu-biyu, saukar fatar ido, laushin harshe da wahalar haɗiya, galibi ba zazzaɓi. Wanda ya ga haka a garzaya da shi asibitin tarayya da ke Azare tare da kwalbar man, domin idan shanyewar ta kai ƙirji numfashi na iya tsayawa.