Shawara kan Eriyar Rawuta a Gida Mai Tsawo

Yawancin masu gidan bene mai hawa uku, wanda ke da tsawo amma ba faɗi, sukan tsayar da dukkan eriyoyin rawutarsu cak, alhali eriya irin ta sanda tana watsa sigina ne daga gefunanta, tamkar faifai da aka soke da tsinke, ba ta harba shi ta tsininta, saboda haka ɗakin da ke bisa kanta kai tsaye shi ne mafi ƙarancin rabo.

Maslaha ita ce a ajiye na'urar a hawa na tsakiya, kusa da matakala, domin dakalin siminti mai rodi yana cinye sigina ƙwarai. Sa'an nan a kwantar da eriya guda a gicciye, yadda faifan nan zai miƙe ya ratsa sama da ƙasa, a bar ɗaya a tsaye saboda hawan da take. A hau bene da waya a duba lambar ƙarfin sigina: -60 dBm madalla, amma idan ta kai -75 akwai sauran aiki.

Game da sauya eriya kuwa, ina yi wa mai karatu nasiha da ya guji ruɗin doguwar eriya mai 9 dBi, domin ba ta ƙara ƙarfi, illa dai ta matse faifan ya yi nisa a kwance, wanda hakan illa ce ga dogon gida. Gajera mai 2 ko 3 dBi ta fi dacewa. A tabbata bakinta ya yi daidai da na na'urar, galibi RP-SMA, kuma tana ɗaukar 2.4 da 5 GHz, a kashe wuta kafin a kwance tsohuwar.