Lissafin Cacar Ƙwallo: Yadda Take Cin Albashi da Yadda Ake Taka Mata Birki

Galibin masu cacar ƙwallon ƙafa ta wayar hannu suna tuna ranar da suka ci, amma ba kasafai suke iya faɗin abin da suka zuba a wata guda ba. Don haka matakin farko na gane ko caca ta fara cin kasafin gida shi ne lissafi a rubuce.

Hanyar mai sauƙi ce. A karɓi bayanin asusun banki na wata uku, a tattara duk kuɗin da aka tura wa kamfanin caca, sannan a debe abin da ya dawo cikin asusun. Kuɗin da aka ci aka sake zubawa ba ya shiga lissafin riba, domin bai taɓa isa gida ba.

A ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin naira 120,000. Yana zuba naira 1,000 a kowace ranar aiki, da naira 3,000 a ranakun Asabar da Lahadi. A wata mai ranakun aiki 22 da ranakun hutu 8, ya zuba naira 46,000. Idan abin da ya ciro naira 15,000 ne, hasararsa naira 31,000 ke nan, wato fiye da rubu'in albashinsa. A shekara hasarar za ta kai naira 372,000, abin da ya zarce albashin wata uku.

Wannan hasara ba rashin sa'a ba ce kurum, tsarin cinikin ne ya ƙunshe ta. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma babu kunnen doki a zaɓin. Biyan adalci shi ne a ninka wa wanda ya ci kuɗinsa sau 2, amma kamfani yakan biya kamar sau 1.90. Ma'ana, a cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba, naira 95 ce ke komawa gare su.

Ragin yana ƙaruwa a tikitin da ya haɗa wasanni da yawa. Wanda ya haɗa irin waɗannan wasanni 10 da naira 100 zai ga alkawarin kimanin naira 61,300. To amma damar dacewa da dukkansu ɗaya ce cikin 1,024. Sayen tikiti 1,024 zai ci naira 102,400, a dawo da 61,300. Ribar kamfani ta tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 40 cikin 100.

Baya ga alƙaluma, akwai alamu uku da ke nuna cewa lamarin ya wuce nishaɗi. Ta farko ita ce ƙara kuɗi bayan faɗuwa da niyyar mayar da gurbi. Ta biyu ita ce taɓa kuɗin da ke da mazauni, kamar na cefane, haya, makaranta ko zubin adashi, ko kuma cin bashi mai ruwa ta waya. Ta uku ita ce ɓoye wa iyali saƙonnin banki. Wanda ya ga ko da ɗaya daga cikinsu, dainawa baki ɗaya ce ta dace da shi. Wannan kuma shi ne matsayin addinin Musulunci tun asali, domin ya haramta caca.

Wanda bai kai ga dainawa ba, wajibi ne iyakarsa ta kasance adadi a rubuce, wanda aka yanke ranar albashi, ba ana tsakiyar wasa ba. Ma'aikacin da aka ambata zai fara da umartar banki ya riƙa tura kuɗin haya, makaranta da ajiya zuwa wani asusu dabam da zarar albashi ya shigo. Daga nan ya tsayar da abin da zai iya rasawa ba tare da tukunya ta ji ba, misali naira 2,400, wato kashi 2 cikin 100. Zai zuba shi sau ɗaya tak, ya cire katin bankinsa daga manhajar, kuma idan ya ƙare babu ƙari sai wani watan. Wasu kamfanoni suna da tsarin ƙayyade zubi da na rufe asusu na wani lokaci, kuma ya kamata a yi amfani da su. Haka nan ya nuna wa matarsa ko wani amininsa bayanin asusun a ƙarshen kowane wata.

Iyakar ita kanta gwaji ce. Wanda ya karya ta sau biyu ya sami shaidar cewa ragewa ba za ta yi masa ba, sai rufe asusu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka a kundinta da ya fara aiki a 2022, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Kaduna, Yaba da Aro ta Abeokuta, wurare ne da za a nemi taimakon likita.